“Ya Sa Kwat, Ta Yi Masa Kyau”: To, Ta Yaya?



Akwai jimlar da kusan kowannenmu ya taɓa cin karo da ita a labaran da muke turo wa juna: saurayi ya fito cikin baƙar kwat, ta yi masa kyau matuƙa. Daga nan sai a wuce zuwa turare da agogo da mota. In babbar riga ce ba ma yin haka. Mukan faɗi irin shaddar, mu faɗi aikin da ke wuyanta, mu nuna yadda mai ita ke tattare hannunta yana azawa a kafaɗa. Mun san babbar riga, shi ya sa bakinmu ke buɗewa a kanta. Kwat kuwa baƙuwa ce daga Turai, kuma ko da yake lauyoyinmu da ma'aikatan banki suna sa ta kullum, yawancinmu ba mu san abin da ido ke gani ba har ya ce wannan ta zauna, waccan ta aro ce.

Bambancin yana cikin yadda aka gina kowacce. Babbar riga yalwa ce adonta, uba ya sa, ɗa ya sa, babu mai ganewa. Kwat kuma an yanka ta ne ta bi siffar jiki ɗaya. Akwai soso a kafaɗunta, akwai wani ƙyalle mai ɗan tauri da aka ɓoye a ƙirjinta tsakanin yadin waje da shafi, kuma duk nauyinta a kafaɗa yake rataye. Saboda haka kuskuren inci ɗaya yana fitowa fili, kuma yana fitowa ne a matsayin tattara, wato wurin da yadi ya naɗe ko ya ja. Wanda ya iya karanta tattarar nan zai iya gaya wa tela abin da yake so, zai kuma iya rubuta mutum cikin kwat har mai karatu ya gan shi. Wurare huɗu ake dubawa: kafaɗa, ƙirji, baya, sai hannu. Na jera su ne daga wanda ya fi wuyar gyara zuwa wanda ya fi sauƙi.

Kafaɗa

Ka ɗora yatsa a gefen wuyanka, ka bi saman kafaɗa zuwa waje, za ka ji wani ƙashi a ƙarshe, daidai inda hannu ya fara gangarawa. Nan ne ya kamata ɗinkin da ya haɗa hannun kwat da jikinta ya tsaya. Daga wuya zuwa wurin, yadin ya kwanta sumul, daga wurin kuma hannun rigar ya sauka a miƙe.

In kafaɗar rigar ta fi ta mutum faɗi, soson zai wuce ƙashin ya tsaya a kan iska. Tun da babu abin da ya tokare shi daga ƙasa, sai yadin da ke ƙarƙashinsa ya loɓa, ka ga wani ɗan rami a saman damtse. Kan mai rigar kuma sai ya yi kamar ya ƙanƙance. In ta yi masa kaɗan, damtsen ne zai turo yadin waje, ɗinkin ya hau sama wajen wuya, kuma da ya miƙa hannu zai ji ta riƙe shi. Akwai gwaji mai sauƙi: mutum ya saki hannuwansa, ya matsa a hankali da gefensa zuwa bango. In soson ya riga damtse taɓa bangon har ya lanƙwashe, rigar ta yi faɗi. In sun taɓa kusan tare, an dace.

Bayan faɗi akwai zubin kafaɗa. Wani kafaɗunsa a miƙe suke kamar an aza katako, wani kuma a zube suke kamar wuyan kwalba. Rigar da aka yanka wa mai miƙaƙƙiyar kafaɗa, in mai zubabbiya ya sa, za ta sauko ta taru, a ga tattara ta karkace daga bayan wuya zuwa hammata. Na fara da kafaɗa ne saboda gyaranta na nufin a cire hannuwan biyu, a warware shafi, a sake yanka ramin hammata, a mayar da komai. Ba kowane tela ke karɓar aikin ba, kuma ladan yakan kusa kuɗin wata rigar. In kafaɗa ba ta zauna ba, a mayar da riga kan rataya.

Ƙirji

Kafin a duba ƙirji sai an ɓalla maɓalli. In maɓallai biyu ne, na sama ake ɓallawa. In uku ne, na tsakiya. Na ƙasa a buɗe ake barin sa, don a haka aka yanka rigar, in an ɓalla shi sai ya ja gindinta ya ɓata zubin. Wannan ma kaɗai abin rubutawa ne: mutumin da ya ɓalle maɓallansa duka har ƙasa ya gaya wa mai lura cewa yau ya fara sa kwat.

Da an ɓalla, sai a duba naɗin gaban nan guda biyu da suka sauko daga wuya suka haɗu a maɓalli. Ya kamata su kwanta a kan ƙirji. In sun bankare sun bar fili tsakaninsu da shat, ƙirjin rigar ya yi kaɗan, ko kuma yankan bai dace da mai faffaɗan ƙirji ba. Sai a duba maɓallin kansa. In tattara ta fito daga gare shi ta yi kusurwa huɗu, biyu sama biyu ƙasa kamar alamar sau a lissafi, rigar ta ɗame, maɓallin ne ke ɗauke da wahalar. In kuma ta yi yawa, za a ga yadi ya yi tsaye a gefen hammata yana lilo, gaban ya zazzago. Gwajin hannu shi ne a zura tafin hannu a shimfiɗe tsakanin ƙirji da rigar. Ya shiga ba tare da kokawa ba. In an dunƙule shi kuma, a ji maɓallin ya fara ja. In dunƙulallen hannu yana yawo a ciki, akwai rarar yadi.

A nan lambobin da ke jikin riga suna rikita mutane. Lambar da ake rubutawa a kwat ɗin Ingila da Amurka, kamar 38 ko 40, awon ƙirjin mutum ne da inci. Rigar kanta ta fi haka faɗi, yawanci da inci 3 zuwa 4, don a sami wurin numfashi da motsi da shat. Ta ƙasashen Turai irin su Italiya da Jamus kuwa lambarta ta ɗara da goma, wato 48 ɗinsu ita ce 38, 50 kuma ita ce 40. Harafin da ke biye da lambar tsawo yake nufi: S ta gajere, R ta matsakaici, L ta dogo. Duk da haka kamfanoni suna saɓawa, don haka tef ya fi lamba gaskiya. A shimfiɗa rigar a ɓalle, a auna daga hammata zuwa hammata, a ninka biyu, a cire awon ƙirjin mai sawa. Abin da ya rage shi ne sararin da zai samu.

Baya

Baya ne wurin da mai riga ba ya gani, kuma shi mutane suka fi daɗewa suna kallo, a layi ko a lokacin da ya juya zai fita daga ofis. Ana farawa daga wuya. Kwalar kwat ta kwanta a jikin kwalar shat, ta bar kamar rabin inci na shat ɗin a sama. In ta ja baya ta bar rami har ana iya zura yatsu biyu, sau da yawa mai rigar yana da ɗan ranƙwafawa ne, bayansa na bukatar yadi fiye da wanda aka ba shi. In kuma yadi ya naɗe a kwance a ƙasan kwalar kamar an cusa igiya, akasin haka ne: mutumin a miƙe yake tsayawa ƙyam, ko kafaɗunsa sun fi na rigar miƙewa, sai rarar yadin ta rasa wurin zuwa ta taru a nan. Wannan na biyun tela mai hannu yana gyara shi, ya cire kwalar, ya rage yadin da ke ƙarƙashinta, ya mayar.

Daga nan zuwa ƙasa ƙa'ida ɗaya ce, kuma ita na fi so mu riƙe. Tattarar da ta kwanta, wato ta ratsa daga hagu zuwa dama, tana cewa an matse, yadi ne ake ja. Wadda ta tsaya, daga sama zuwa ƙasa, tana cewa yadi ya yi yawa. Wadda ta karkace kuma yawanci zubin kafaɗa ne bai dace ba. Sai dai a bar ɗan naɗi kaɗan a tsaye a bayan kowace hammata, kusa da allon kafaɗa. Wannan ba aibi ba ne, shi ke ba mutum damar miƙa hannu ya gaisa ko ya riƙe sitiyari. Bayan da ya yi sumul kamar allo yana da kyau a hoto, amma mai shi ba zai iya ɗaukar biro daga tebur cikin daɗi ba.

Ƙasan bayan akwai tsaga, ɗaya a tsakiya ko biyu a gefe. In mutum yana tsaye, tsagar ta kasance a rufe. In ta wage har ana hango wando, rigar ta matse a ƙugu da mazaunai. Tsawon kuma ya rufe mazaunai. Tsohon awon teloli shi ne a auna daga gindin kwala zuwa ƙasa inda mutum ke tsaye, a raba biyu, rigar ta tsaya kusa da rabin.

Hannu

A saki hannu yadda ake tsayawa kullum, kada a miƙa shi gaba. Bakin hannun kwat ya tsaya a kan ƙashin nan da ya ɗan turo a tsintsiyar hannu, ya bar na shat ya leƙo da kwata zuwa rabin inci. In ya sauko ya rufe gindin babban yatsa, rigar ta yi kama da ta aro ko da kuɗinsa ya saya. In ya ɗangale har agogo da fatar hannu suna waje, ta yi kama da wadda ya girme ta. Sharaɗin shi ne shat ɗin kansa ya zama daidai, don ba a auna hannun kwat da shat mai gajeren hannu.

Rage hannu shi ne gyara mafi sauƙi, amma yana da iyaka. Dubi maɓallan da ke bakinsa. A yawancin riguna ado ne kawai, an ɗinka su a sama, ana iya cire su a rage inci ɗaya ko fiye a mayar. A wasu masu tsada kuwa an huda ramukan maɓalli na gaske, kuma rami ba ya matsawa. In aka rage da yawa daga ƙasa, maɓallin ƙarshe zai zo bakin hannu, sai dai a cire hannun a rage daga kafaɗa, wanda babban aiki ne. Ƙarin tsawo kuma ya dogara ga yadin da aka naɗe a ciki, kuma a tsohuwar riga layin gugar da ya daɗe yakan bar tabo da ba ya fita. Abu na ƙarshe, a auna hannuwan biyu kowanne da kansa. Mutane da yawa hannunsu ɗaya ya ɗara ɗaya da kaɗan.

Riguna uku a kasuwa

Bari in kawo yadda abin ya kasance a aikace. Ɗan yayata ya sami takardar kiran ganawa ta neman aiki a wani banki, saura kwana biyar, kuma kuɗin da mahaifiyarsa ta haɗa masa na riga ɗaya ne, in an saya babu mayarwa. Muka je wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai. Kafin mu fita na auna shi a kan shat: ƙirji inci 38, kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi ta baya 17 da rabi, hannu daga ƙashin kafaɗa zuwa tsintsiya 24 da rabi.

Ta farko da ya ɗauko shuɗiya ce mai duhu, yadinta mai kyau ƙwarai, an rubuta 42R. Ya sa, ya dubi madubi, fuskarsa ta washe. Mai kayan ya ce, “Alhaji, wannan ai kamar don shi aka ɗinka.” Na sa tef: kafaɗa 19, hammata zuwa hammata 23. Wato soson ya wuce ƙashinsa da kashi uku cikin huɗu na inci a kowane gefe, ƙirjin kuma 46 ne a kan mutum mai 38, rarar inci 8. Ramin nan na saman damtse ya fito a hannuwan biyu.

Ya ce, “Kawu, ai tela zai rage ta.”

Na ce masa zai rage ciki, zai rage hannu, amma kafaɗar tana nan yadda take, kuma in aka tsuke cikin aka bar kafaɗa sai ta ƙara fitowa fili. Na sa shi ya jingina da bangon shagon. Soson ya lanƙwashe tun damtsensa bai kai ba. Ya cire ta ba da son ransa ba.

Ta biyu baƙa ce, 36. Kafaɗa 17, ba laifi sosai, amma hammata zuwa hammata 19 da rabi, wato 39 ke nan, sararin inci ɗaya tak. Da ya ɓalla maɓalli tattara huɗun nan suka fito, tsagar baya ta wage. Shi ya so ta, don irin ɗamammen ɗinkin da samari ke yayi ne. Na laluba ɗinkin tsakiyar baya ta cikin shafi don in ji yadin da aka bari. Bai fi rabin inci ba a kowane gefe, ko an saki duka ba zai kai ba. Na ce ya zauna a kan benci ya miƙa hannu kamar zai karɓi takarda. Rigar ta hau wuyansa, hannun ya ja baya har kusan rabin dantse. Wanda zai zauna gaban mutum uku suna yi masa tambayoyi ba ya bukatar rigar da za ta hana shi numfashi.

Ta uku toka-toka ce mai duhu, ba ta da ɗaukar ido, an rubuta 48 a aljihun ciki. Ya ce wannan ai ta ƙato ce. Lambar Turai ce, 38 ke nan. Kafaɗa 17 da rabi cif, hammata zuwa hammata 21, wato 42, sararin inci 4. Naɗin gaban ya kwanta, tafin hannu ya shiga, tsaga a rufe. Aibinta uku ne, kuma dukkansu masu gyaruwa: hannun 25 da rabi ne, ya rufe shat gaba ɗaya, cikin ya ɗan yi yawa a ƙugu don yaron siriri ne, sannan akwai naɗi a ƙasan kwala saboda tsayuwarsa a miƙe take. Na duba maɓallan hannu, na ado ne. Ita muka saya.

A wajen tela ban ce “a gyara ta ta zauna” ba, don wannan magana ce da kowa zai fassara yadda ya ga dama. Na ce, “Malam, kafaɗa da ƙirji kada a taɓa. A rage hannu har shat ya leƙo rabin inci, a auna kowanne daban. A tsuke ƙugu kaɗan ta ɗinkin gefe, amma tafin hannu ya riƙa shiga. Sai naɗin nan na ƙasan kwala.” Ya sa yaron ya tsaya yadda ya saba, ya hana shi bankaro ƙirji, ya kama rarar da fil, ya yi alama da alli. Hannun hagu ya rage inci ɗaya, na dama kashi uku cikin huɗu, don na daman ya fi tsawo. Ƙugu ya ɗauke rabin inci a kowane gefe. Kwalar ce ta fi cin lokaci, ita ta sa aikin ya kwana biyu. Yaron ya je ganawarsa da rigar da ba wanda zai tsaya kallo, kuma abin da ake nema ke nan.

Yadda zai shiga labari

Yanzu mu koma kan takarda. Ba ina cewa a zuba wa mai karatu inci da tef ba. Awo na tela ne. Abin da marubuci zai ɗauka shi ne alama ɗaya ko biyu, waɗanda suka dace da halin da mutumin ke ciki, domin kowace matsalar zama tana da dalilinta a rayuwa. Kafaɗar da ta yi faɗi da hannun da ya rufe yatsu suna nufin rigar wani ce, ko ta gado, ko mai ita ya rame. Maɓallin da ke ja da tsagar da ta wage suna nufin an ɗinka ta tun kafin jiki ya buɗe, ko mai ita ya ƙi yarda cewa ya yi teɓa. Hannun da ya ɗangale yana nufin yaro ya ƙara tsawo, kuɗin sabuwa bai samu ba.

Ga misali na ƙirƙira. Maimakon a ce matashi ya sa kwat ɗin da ta yi masa yawa, ana iya cewa: “Kwat ɗin marigayi babansa ce. Kafaɗunta sun wuce nasa sun tsaya a iska, kuma duk lokacin da zai miƙa takarda sai ya fara ja hannun rigar baya don yatsunsa su fito.” Ba a ambaci talauci ba, ba a ambaci maraici da dogon bayani ba, amma mai karatu ya ɗauka. Ga wani kuma, na babban ma'aikacin da ya shekara goma a kujera: “Ya miƙe zai yi jawabi, ya ja gaban rigar da ƙyar ya ɓalla maɓallin. Daga inda take zaune a baya tana ganin tsagar ta buɗe, yadin ya ja a kwance tsakanin kafaɗunsa.” Lura cewa wadda ke baya ce ta ga bayan. Mai riga ba ya ganin nasa, don haka in labarin daga idonsa ake ba da shi, abin da zai sani shi ne abin da yake ji a jiki: matsi a hammata, kwalar da ke gogar ƙeya.

Rubuta rigar da ta zauna ya fi wuya, don ba ta da tattarar da za a nuna. A nan motsi ne ke taimako. Mutum ya zauna ya ɓalle maɓalli da yatsu biyu ba tare da ya duba ba, ya miƙe ya mayar. Ya ɗaga hannu ya duba agogo, kwalar ba ta rabu da wuyansa ba. Farin bakin shat ya leƙo daidai a hannuwan biyu. Waɗannan su ke nuna wanda ya saba, kuma sun fi “ta yi masa kyau matuƙa” aiki.

A kula kuma da wanda ke kallon. Tela zai fara ganin kafaɗa. Uwa za ta ga hannun da ya yi wa ɗanta tsawo, ta ce a kawo ta naɗe masa. Budurwar da ba ta san kwat ba ba za ta ce zubin kafaɗa bai dace ba, za ta ce dai rigar kamar tana rataye a ƙusa. In muka sa mata kalmomin tela a baki, mun ɓata ta. Hausa ba ta rasa kalmomin da za su ɗauki wannan aiki ba: ta ɗame, ta ɗangale, ta zazzago, ta bankare, ta wage, ta loɓa, ta zauna ɗas. Kowacce tana da wurinta a jikin rigar. Ɗangalewa ta hannu ce da tsawo, bankarewa ta naɗin gaba, wagewa ta tsaga, loɓawa ta saman damtse. In aka sa kowacce a muhallinta, wanda ya san kwat zai yarda da marubucin, wanda bai sani ba kuma zai gani.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa. In ka shiga banki ko ka wuce ta bakin kotu, zaɓi mutum ɗaya mai kwat, ka dube shi a jere: ina ɗinkin kafaɗa ya tsaya, naɗin gaba ya kwanta ko ya tashi, tattarar baya a kwance take ko a tsaye, shat ya leƙo ko bai leƙo ba. Kada a ɗauki hoton kowa. Ka dawo ka rubuta jimla uku da za su nuna mana ko rigar tasa ce, ba tare da ka yi amfani da kalmar “kyau” ko “muni” ba. Sai mu karanta tare mu yi wa juna gyara.

Allah ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa.